Ban taɓa aiki ba, me zan rubuta a sibi mai shafi ɗaya?

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a aji uku, ina karanta ƙididdiga a wata jami'a a nan Kano, kuma zango mai zuwa za mu fita SIWES, wato horon sanin makamar aiki, na wata shida. Wani kamfanin sarrafa shinkafa ya fitar da sanarwa yana neman ɗalibai a sashen sito, ya ce a tura sibi shafi ɗaya ta imel. Suna son wanda ya iya Excel, wanda zai kula da lissafin shigar kaya da fitarsu, kuma zai iya rubuta rahoton mako. Ni kuwa ban taɓa aiki a ko'ina ba, in ban da littafin shagon Babanmu a Kasuwar Singa da nake riƙewa lokacin hutu, sai ma'ajin ƙungiyar ɗaliban sashenmu da na yi bara. Makina 3.62 ne. Sibin da aka buga mini a kafe shafi uku ne, in na cire tarkacen kuma sai takardar ta koma fayau. Ƙawata ta ce in rubuta na yi aiki a kamfanin yayanta, wai ba mai bincike. Don Allah ya zan yi?

Ƙanwarki, daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Shawarar ƙawarki dai ki ajiye ta gefe. Ko an ce ba mai buga waya ya bincika, akwai tambayar da ba ta wuce kowa a intabiyu: "To, gaya mana abin da kike yi a can daga safe zuwa yamma." Wanda ya zauna a wuri yakan amsa wannan ba tare da ya yi tunani ba. Wanda ya ara kuwa, a tambaya ta biyu harshe yake sarƙewa, daga nan kuma har gaskiyar da ke cikin takardar sai a daina yarda da ita. Ga shi ma ba ki da bukatar aron, domin abin da ke hannunki ya fi na yayan ƙawar taki dacewa da wannan gurbi.

Ki fara sanin wanda zai karanta. Hukumar horar da ma'aikatan masana'antu, wato ITF, ta ƙirƙiro SIWES ne a 1973 saboda masu masana'antu suna kukan cewa ɗalibai na fitowa daga makaranta ba su taɓa riƙe kayan aiki ba. Ashe duk kamfanin da ya ce yana neman ɗaliban SIWES ya riga ya san 'yan koyo za su zo masa. Ba shekarun aiki yake ƙirgawa ba. Shugaban sito da za a miƙa wa takardarki abu ɗaya ke ransa: in na ba yarinyar nan takardun fitar kaya na mako guda, za ta haɗa mini lissafi daidai, ko ni zan dawo ina gyara? Duk layin da bai taimaka masa ya amsa wannan tambaya ba, ya cinye wuri a banza.

Don haka aikin ba daga sibin yake farawa ba, daga sanarwar yake farawa. Ki ɗauki farar takarda ki raba ta gida biyu. A hagu ki rubuta abubuwa ukun da suka nema, da kalmominsu na Turanci yadda suka rubuta su. A dama, gaban kowanne, ki rubuta wani abu da kika taɓa yi da hannunki wanda ya yi kama da shi, da wurin da kika yi, da lokacin, da yawansa. In kin yi haka za ki ga gida biyu sun cika nan take. Lissafin shigar kaya da fitarsu, ai shi ne littafin shagon Baba. Rahoto kuma, ma'aji ba ya sauka sai ya karanta wa 'yan ƙungiya abin da ya shigo da abin da aka kashe. Gidan da nake zaton zai rage da sauƙin kaya shi ne na Excel, tunda na lura ba ki ce kin iya ba, ba ki kuma ce ba ki iya ba. A nan zan daɗe, domin nan ne akasarin ɗalibai suke faɗawa rami.

Kusan kowane sibi da aka buga a kafe yana ɗauke da layin nan na "Proficient in Microsoft Office". Mai ɗaukar aiki ya gan shi har ya gaji, idonsa ma ba ya tsayawa a kai. Wasu wuraren kuma ba sa musu da kowa, kwamfuta kawai za su juyo miki, su buɗe wani jadawali su ce ki fitar musu da jimillar buhunan da suka fita a watan jiya. Maimakon ki rubuta iƙirari, ki yi aikin da zai mai da shi gaskiya, kuma mako biyu sun ishe ki. Ki roƙi Baba littafin wata uku da suka wuce. Ki buɗe Excel ki yi ginshiƙai huɗu: kwanan wata a A, sunan kaya a B, abin da ya shigo a C, abin da ya fita a D. Kowace shiga ko fita layinta daban, kuma sunan kaya ki riƙa rubuta shi iri ɗaya daga sama har ƙasa. In kika rubuta "Shinkafa" a wani layi, "Shinkafa 50kg" a wani, kwamfuta kaya biyu za ta ɗauke su, lissafi kuma ya karkace ba tare da ta yi miki gargaɗi ba. Layin farko na kowane kaya ki sa abin da ke ƙasa ranar da kika fara, a matsayin shiga. Sannan ki fitar da ragowa da wannan:

```
=SUMIF(B:B,"Shinkafa",C:C)-SUMIF(B:B,"Shinkafa",D:D)
```

A ce an fara da buhu 120, an sauke 200 a cikin watannin, an fitar da 274. Kwamfuta za ta ce saura 46. Yanzu sai ki tashi ki shiga sito ki ƙirga da idonki. In kin tarar da 43, kada ranki ya ɓaci, domin a nan ne karatun yake. Ki bi sawun buhu ukun nan. Sau da yawa za ki tarar bashi ne aka bai wa wani tsohon abokin ciniki da yamma ana sauri, aka ce gobe a rubuta, goben ba ta zo ba. Ko an kai gida, ko buhu ya fashe an auna shi a kwano, ko kuma ke ce kika buga 12 a inda littafi ya ce 15. Wannan bin sawu, na gwada abin da littafi ya ce da abin da ke ƙasa har a gano inda suka saɓa, shi ne ainihin aikin da ake yi a siton kowane kamfani. In kin ƙara da koyon PivotTable, wanda zai tattara miki kowane kaya da jimillarsa a kowane wata, kin wuce yawancin waɗanda za ku yi takara da su. Sunayen masu bashi kuwa ki bar su a littafin Baba. In za ki nuna wa wani fayil ɗin, ki share su tukuna, sirrin mutane ne.

To ga yadda wannan zai zauna a takarda. Turanci za ki rubuta, tunda da shi suka yi sanarwa, kuma alƙaluman nan misali ne, ki sa naki na gaskiya:

```
Records Assistant (holidays), family foodstuff shop, Singer Market, Kano
- Recorded daily stock in and out for about 40 items
- Moved 3 months of ledger entries into Excel (SUMIF, PivotTable)
- Reconciled book balance with physical count; traced a 3-bag
  gap to an unrecorded credit sale
```

Ki lura da abin da layukan suka yi. Kowanne ya fara da aikin da kika yi, ya faɗi a kan me, ya faɗi yawa ko abin da ya fito. Ba inda aka ce ke haziƙa ce ko mai riƙon amana, amma mai karatu da kansa zai kai ga wannan. Ki kuma lura ban ɓoye cewa shagon gida ne ba, ban kuma naɗa ki manaja ba. Wasu ɗalibai kunya suke ji, sai su laƙa wa shagon mahaifinsu suna mai "Global" da "Limited", su kuma ɗora wa kansu muƙamin da ko Baban bai san da shi ba. Ba amfani. Duk wanda ke harkar shinkafa a Kano ya san irin kayan da ke juyawa a Singa, kuma ya san littafin shago a can ba wasan yara ba ne. Kalmar nan ta "about" ma da gangan na sa ta: in ba ki ƙirga daidai ba, ki ce kimanin, amma ya zama kin buɗe littafi kin duba, ba daga ka kika tsinko ba.

Ma'ajin ƙungiya shi ma haka za ki yi masa, layi biyu sun isa. Mutum nawa kika karɓi kuɗin ƙungiya a hannunsu, kina ba da rasit ko a'a, sau nawa kika gabatar da bayanin kuɗi a taro, kuma kin miƙa littafi ga wanda ya gaje ki ba tare da gibi ba? Wannan shi ne amsarki ga batun rahoto. In har yanzu kina da kwafin bayanin kuɗin, ki adana shi a waya, za a iya cewa ki nuna.

Sai tsarin shafin. A can sama sunanki da manyan baƙi, ƙarƙashinsa layi ɗaya mai ɗauke da lambar waya, imel, da unguwa da gari. Ba sai kin sa lambar gida ba, amma unguwar tana da amfani, domin mai ɗauka yana lissafin ko za ki iya isowa ƙarfe takwas kullum ba tare da kuɗin mota ya karya ki ba. Imel ɗin ya zama sunanki ne zalla. In wanda kike da shi na laƙabin da ƙawaye suka sa miki ne tun sakandare, ki buɗe sabo yau. Lambar kuma ta zama wadda ke hannunki, ba ta Yaya ko ta Umma ba.

Bayan wannan, layi biyu da ke faɗin ko ke wace ce da abin da kike nema. Ki goge dogon zancen nan na kafe mai cewa kina neman wuri mai ƙalubale inda za ki ba da gudummawa ga ci gaban ma'aikata. Kowa shi yake rubutawa, ba kuma wanda ya san ma'anarsa. Naki ya faɗi kwas, aji, tsawon lokaci, da watan da za ki fara:

```
300-level Statistics student seeking a 6-month SIWES placement in
stores/inventory. Keeps stock records for a family shop using Excel.
Available from [month, year].
```

Watan farawa yana da muhimmanci fiye da yadda ɗalibai suke zato. Makarantu ba sa sakin ɗalibai lokaci ɗaya, kuma kamfani yana so ya san yaushe kujera za ta cika, yaushe za ta koma fanko.

Daga nan sai karatu, tunda ke ɗaliba ce shi ne babban jarinki. Sunan jami'a, digirin da kike yi, shekarar da kika shiga da wadda kike sa ran gamawa. Makinki ki rubuta shi tare da ma'auninsa, wato 3.62/5.00. A ma'aunin 5, daga 3.50 zuwa 4.49 babban mataki na biyu ne, saboda haka naki abin nunawa ne. Da a ce ya gaza 3.50, da na ce ki bar shi sai an tambaya, ki sa sakamakon darussan da kika yi fice a cikinsu. Ki zaɓi darussa uku ko huɗu da suka taɓa wannan aiki, da sunayensu, ba lambobinsu ba, domin "STA 311" ba ya gaya wa mutumin sito komai. Sakandare layi ɗaya: makaranta, WAEC ko NECO, shekara. Ba sai kin jero darussa tara da abin da kika ci a kowanne ba. Firamare kuwa ki yi mata sallama.

Ƙarƙashin karatu sai shago da ma'aji, shagon a sama domin shi ya fi kusa da abin da suka nema. Taken wannan sashe ki sa "Relevant Experience", ba "Work Experience" ba, saboda ya ba ki damar saka abin da ba a biya ki albashi a kansa ba, ba tare da kin yi ƙarya ba. In akwai wani aikin aji da kuka tattara bayanai kuka yi nazari, ki ba shi layi biyu, amma ki faɗi naki kason. In ku shida ne kuma ke ce kika shigar da bayanan kika zana jadawalin, haka za ki rubuta. Daga ƙarshe ƙwarewa: Excel tare da abin da kika iya a cikinsa, manhajojin ƙididdiga irin su SPSS ko R in kin taɓa aiki da su da kanki, sai harsuna. Hausa ki rubuta ta, kada ki raina. A sito da direbobi da 'yan dako da dillalan shanshera za ki yi hulɗa, kuma wanda ke jin su yana kuma iya rubuta rahoto da Turanci ba ƙaramin amfani gare shi ba.

Abin da ya kumbura miki takarda har shafi uku na san shi ko ban gani ba: ranar haihuwa, jihar asali, ƙaramar hukuma, addini, aure ko rashinsa, abubuwan sha'awa irin su karatu da tafiye-tafiye, hoto, da mutum uku masu tsaya miki da cikakken adireshinsu. Kamfani mai zaman kansa da bai nemi waɗannan ba, kada ki ba shi. Ma'aikatun gwamnati sukan tambayi jiha da ƙaramar hukuma, amma in suna so za su faɗa ko su ba da fom. Lambar NIN da BVN kuwa ba su da wuri a sibi ko kaɗan, domin takarda ce mai yawo daga hannu zuwa hannu. Masu tsaya miki, in wuri ya rage, mutum ɗaya ko biyu sun wadatar: malamin da ya san ki da suna, da muƙaminsa da lambarsa a layi ɗaya. Ki je ki nemi izininsa tukuna, ki kuma ba shi kwafi. Abin kunya ne a kira malami ya ce "wace ce haka?" Baba ba ya shiga wannan sahu, ko da shi ne mai shagon.

Kada tsoron fili ya sa ki koma cusa tarkace. In kin bi abin da na faɗa, shafin zai kusa cika, kuma ɗan farin da ya rage a ƙasa ba laifi ba ne. Takarda A4, rubutu girman 11, gefe kimanin santimita biyu, baƙi a kan fari. Zanen nan masu launi da ginshiƙi biyu da taurarin da ke nuna wai kin iya Excel huɗu cikin biyar, ki bar su. Tauraro huɗu ba ya gaya wa kowa ko kin san SUMIF. In kuma ya zarce shafi, layi za ki cire, ba rubutu za ki ƙanƙance ba.

Yadda za ki gane ko ya yi: ki ninke takardar biyu ki miƙa wa wata ƙawa rabin sama kawai, ki bar ta ta ɗan duba, ki karɓe, sannan ki tambaye ta wane aiki kike nema kuma me ya sa za a ɗauke ki. In ta yi shiru, abin da ya kamata ya hau sama yana ƙasa. Bayan haka ki bi layukan ɗaya bayan ɗaya kina tambayar kanki: in aka ce "ba mu labarin wannan", zan iya yin magana ta minti ɗaya a kai? Layin da ba za ki iya ba, ki cire shi ko ki je ki koyi abin. Sai ki ba wani mai Turanci ya duba rubutun. Wadda ke neman aikin lissafi, kuskure ɗaya a sunan jami'arta ko lamba ɗaya da ta ɓace a lambar wayarta ya isa ya sa a yi shakkar idonta.

Wannan sibi na kamfanin shinkafa ne kaɗai. In gobe kika ga wata ƙungiya ko hukumar ƙididdiga tana neman masu tattara bayanai, sai ki juya shi: aikin aji ya hau sama da shago, SPSS ya riga Excel, layukan gabatarwa su daina maganar sito. Gaskiyar ba ta canza ba, jerin ne ya canza. Abin da ya fi sauƙi shi ne ki ajiye babban fayil guda mai ɗauke da duk abin da kika taɓa yi, ko shafi nawa ne, wanda ba kya tura wa kowa, kina tsamo shafi ɗaya daga cikinsa ga kowace sanarwa.

Wajen turawa, ki mai da shi PDF daga cikin Word, kada ki ɗauki hoton takarda da waya. Ki buɗe shi a wayarki ki tabbata bai tsallaka shafi na biyu ba, kuma kina iya kwafo rubutun da ke ciki. Sunan fayil ya zama sunanki da abin da yake, kamar `Suna_Mahaifi_CV_SIWES.pdf`, ba "Document1" ba. A kan imel ɗin ki rubuta taken da suka ce a sa, in sun faɗa, harafi da harafi. A jiki kuma jimla uku: ko ke wace ce, gurbin da kike nema, da abin da kika haɗo. Wasiƙar gabatarwa da ofishin SIWES na makarantarku yake bayarwa ki haɗa ta a matsayin fayil na daban, domin ita ce shaidar cewa makaranta ta san da fitarki. In mako guda ya wuce bayan ranar rufewa ba ki ji komai ba, ki tura gajeren saƙon tuni sau ɗaya. In kuma wani ya kira ya ce ki turo kuɗin fom ko na "ajiye gurbi" kafin a duba takardarki, kada ki tura ko sisi. Ki je ƙofar kamfanin da kanki ko ki kai maganar ofishin SIWES na makaranta su tabbatar miki.

Allah Ya ba da sa'a, Ya sa a dace. Ki gaida Baba, ki kuma nemi izininsa kafin ki ɗauko littafin.

Antinki